Tambayoyi da amsoshi kan kwafe adireshi da lambar waya daga jikin saƙo zuwa lis ɗin rabo

Waɗannan tambayoyin su ne suke ta maimaituwa a bakin masu karɓar saƙo a tasha da shagunan da ake ajiye kaya, musamman mu na ƙauyukan Kano da Jigawa, inda kwali ko buhu zai sauka daga mota da rubutun maka a jikinsa, kai kuma aikinka ka kwafe shi cikin littafi ko waya kafin a raba wa direbobi da 'yan acaba.

1. Me ya sa sai na rarraba? In kwafe komai a layi ɗaya mana.

In saƙo uku ne a gabanka babu laifi, amma ranar kasuwa da kaya za su kai talatin ko arba'in za ka gane bambancin. Direban hanyar Gumel ba ruwansa da kayan hanyar Birnin Kudu, nasa kawai yake so ka ware masa, kuma in sunan gari yana cakuɗe a tsakiyar dogon rubutu to sai ka karanta kowane layi daga farko har ƙarshe kafin ka tsamo shi. In kuwa gari yana da gurbinsa shi kaɗai, ido ɗaya za ka yi a littafi, a waya kuma ka jera lis ɗin bisa sunan gari, shi kenan. Haka ma lamba, wanda yake kan babur so yake ya ga lambar tsaf a wurinta ya kira.

Wani amfanin kuma da ba a cika lura da shi ba, rarrabawar ce take nuna maka abin da babu. In ka zo gurbin ƙaramar hukuma ka ga ba ka da abin rubutawa, ka san da sauran tambaya tun kayan suna hannunka, ba sai mota ta yi nisa ba.

2. Waɗanne gurabe ya kamata lis ɗin ya samu?

Ni dai abin da na ga yana aiki shi ne: lambar saƙo, sunan mai kaya, ta hannun wa, lambar waya ta farko, lambar waya ta biyu, gari ko ƙauye, ƙaramar hukuma, kwatance, mai aikowa da lambarsa, sai gurbin ƙarshe na shakku. Lambar saƙon kai ne za ka ƙirƙire ta, 1, 2, 3, ka rubuta da maka a jikin kayan ka zagaye ta, ka rubuta irinta a lis, domin buhunan garin kwaki guda biyar duk kamarsu ɗaya.

Kar ka raina gurbin kwatance. A ƙauye ba lambar gida, ba sunan titi a mafi yawan wurare, abin da za ka gani shi ne bayan firamare, ƙofar gidan Dagaci, kusa da injin niƙa, gindin durumi, daura da masallacin Juma'a. Wannan shi ne adireshin na gaskiya, ka kwafe shi yadda yake kar ka gajarta. Lamba biyu kuma kar su taɓa zama a gurbi ɗaya, dalilin yana tambaya ta 7.

3. Ta ina zan fara karantawa?

Hoto tukuna, kafin ka taɓa biro. Ka miƙar da buhun ko ledar rubutun ya shimfiɗu, ka juya shi yadda hasken rana ba zai yi ƙyalli a kan salatif ba, ka ɗauka da lambar saƙon da ka rubuta tana ciki. Sannan ka juya kayan ta kowane ɓangare, saboda mutane da yawa suna rubutawa sau biyu, kuma abin da ya goge a gefe ɗaya yakan fito ras a ɗaya gefen. Ka yi hattara da tsohon kwali, wani sa'in adireshin tafiyar da ya yi a baya yana nan ba a soke ba, sai ka duba wane rubutu ne sabo, in ba ka tabbata ba ka tambayi direban da ya kawo.

Bayan hoto sai lambar waya, sannan gari, sannan suna. Na sa lamba a gaba ne saboda in lamba ta fita daidai, duk sauran kuskuren kira ɗaya zai gyara shi, in kuwa lamba ce ta lalace to kyan adireshin ba lallai ya cece ka ba.

4. Ta yaya zan gane lambar ta cika ko ba ta cika ba?

Lambar wayar hannu a Najeriya alƙaluma 11 ne in an fara da sifili, kuma ukun farko ba sa wuce 070, 080, 081, 090 ko 091. Ka saba da karanta ta kashi uku: huɗu, uku, huɗu, kana nuna kowane da bakin biro kana faɗa a bayyane. Inda aka fi yin asarar alƙalami shi ne wurin da lamba ɗaya ta maimaitu, kamar 000 ko 777, mai rubutu ya sa biyu a madadin uku, ko kai mai kwafa ka tsallake ɗaya ba ka sani ba.

In an rubuta da +234 a gaba, ana jefar da sifilin farko, saura alƙaluma 10 bayan 234 ɗin, duka 13 kenan. Wasu suna rubuta +234 sannan su sake sa sifilin, za ka ƙirga 14, wannan ba matsala ba ce, ka cire 234 ɗin kawai. Shawarata ka zaɓi salo ɗaya ga dukkan lis ɗin, na sifili mai 11, don shi kowa ya iya.

Sai dai ba duk lambar da ke jikin kaya ce ta waya ba. Mai alƙaluma 10 tana iya zama lambar asusun banki da aka rubuta don a tura kuɗin mota, kodayake irin asusun OPay lambar wayar mutum ce aka cire wa sifili, to in ka ga ta fara da 80, 81, 70, 90 ko 91 gwada sa mata sifili ba laifi ba ne. Mai alƙaluma 6 kusa da sunan gari yawanci lambar gidan waya ce. Mu kuma na wajen Maigatari da Babura muna yawan ganin lambar Nijar, ita alƙaluma 8 ne, da +227 a gabanta. Ka lura fa, 227 da 8 in an haɗa 11 ne cif, don haka ƙirga kaɗai ba ta isa ba, sai ka duba farkonta.

5. Waɗanne alƙaluma ne suka fi rikitarwa, kuma yaya ake raba gardama?

1 da 7 su ne kan gaba, sai 4 da 9, sai 0 da 6, sai 3 da 8, sannan 5 da 6 in maka ya yi kauri ya cike cikin. A kan buhun leda abin ya fi muni, saboda saƙar buhun tana karya layin rubutu, 8 ta rasa gefe ɗaya ta koma 3.

Hanya mafi inganci ita ce ka bar mai rubutun ya fassara kansa. Ka nemo wani wurin a jikin kayan da ya rubuta 7 wadda ba shakka a kanta, ka ga ko yana sa mata sanda a tsakiya, ka nemo 1 ɗinsa ka ga ko yana yi mata hula. Mutum ba ya cika sauya hannu a tsakiyar rubutu. Farkon lambar ma yana taimaka maka kyauta: alƙalami na biyu dole 7, 8 ko 9 ne, na uku kuma dole 0 ko 1. Saboda haka in ka ga abin da ya yi kama da 087 to 081 ne, in ka ga 010 to 070 ne, kuma ka samu samfurin 1 ko 7 na wannan hannun da za ka auna sauran da shi.

Daga alƙalami na huɗu wannan dabarar ta fara rauni. 0803 na MTN ne, 0808 na Airtel, duka suna nan, haka 0805 na Glo da 0806 na MTN. Wasu sukan ce a tambayi mai aikowa wane layi mutumin yake amfani da shi, yana taimakawa amma ba hujja ba ce, domin tun 2013 ana iya komawa wani kamfanin da lambar da mutum yake da ita.

6. In na kasa rabewa fa, in zaɓi wadda ta fi kama?

A'a, don Allah kar ka yi. Da zarar ka rubuta hasashe a lis ya zama gaskiya a idon duk wanda zai karanta bayanka, ba wanda zai san cewa kai ma ba ka tabbata ba. Ka sa alamar tambaya a wurin alƙalamin, a gurbin shakku kuma ka rubuta misali "na bakwai 1 ko 7". Daga nan sai lissafi: alƙalami ɗaya mai fuska biyu kira biyu ne, guda biyu kira huɗu, guda uku kira takwas. Har huɗu ana iya gwadawa, in ya wuce haka ka kira mai aikowa ya fi maka sauƙi da arha. In kuwa alƙalami ɗaya ne ya ɓace gaba ɗaya ka ƙirga 10 kuma ba ka san daga ina ya faɗi ba, kar ma ka fara gwaji.

Yadda za ka yi kiran gwajin ma da muhimmanci. Ka yi sallama, ka ce daga tasha kake, sannan ka tambaya da wa kake magana kuma ko yana jiran saƙo daga wani wuri. Kar kai ka fara faɗin sunan da abin da ke cikin kayan, domin in lambar ba daidai ba ce ka ba baƙo duk abin da yake bukata ya zo ya ce nasa ne. In mace ce ta ɗauka a lambar da aka rubuta sunan namiji ba lallai kuskure ba ne, waya ɗaya takan yi wa gida guda aiki, ka ce Hajiya ko Baba don Allah wayar wane ne wannan.

7. Na rubuta lambar a Excel ko Google Sheets sai sifilin farko ya ɓace. Me ya faru?

Manhajar ta ɗauka kuɗi ko adadi kake rubutawa, kuma a lissafi sifilin gaba ba shi da amfani, sai ta jefar. In da 234 ka rubuta, Excel yakan murɗe ta ta koma wani abu kamar `2.34806E+12`. Maganin shi ne ka gaya mata tun kafin ka fara cewa wannan gurbin rubutu ne. Ka zaɓi dukkan gurbin lambobin daga sama har ƙasa, a Excel ka mayar da shi `Text`, a Google Sheets kuma `Plain text`. In kana sauri, ka fara da alamar `'` kafin sifilin, ba za ta fito a lis ba amma za ta riƙe shi.

Don duba aikinka, a ce lambobin suna gurbin D, ka buɗe gurabe biyu a gefe, E da F, su kuma kar su zama `Text`, na farko ya share tazara da ɗan layin da ake sawa tsakani, na biyu ya ƙirga:

```
=SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(D2," ",""),"-","")
=LEN(E2)
```

Duk layin da bai ba ka 11 ba ka koma kan hoto. Wannan ne dalilin da ya sa na ce lamba biyu kar su haɗu a gurbi ɗaya, ƙirgar za ta lalace. Wadda aka rubuta da 234 kuma ga yadda za ka dawo da ita:

```
="0"&RIGHT(E2,10)
```

Amma kar ka ja wannan a kan dukkan lis ido rufe. Lambar Nijar ɗin nan ta tambaya ta 4, in ta shiga ciki za ta fito da sifili a gaba, alƙaluma 11, ga ta kamar ta kirki alhali ba ta kowa ba ce. Kuma ka sani ƙirga tsawo kawai take dubawa, ba ta san ka sa 1 a wurin 7 ba.

8. Wani ya rubuta da ajami, har lambar da alƙaluman Larabci. Yaya zan yi?

Yana faruwa, musamman saƙon da ya fito daga tsangaya ko hannun dattawa. Abu na farko, ko da rubutun daga dama yake tafiya, ita lambar daga hagu ake karanta ta kamar ta boko. Na biyu, akwai tarko uku: ٥ da ta yi kama da sifili biyar ce, sifilin kuwa ɗan ɗigo ne ٠ wanda a kan buhu za ka iya ɗauka datti ne, sannan ٦ da ta yi kama da bakwai ɗin boko shida ce. Bakwai ita ce ٧ mai buɗe baki sama, takwas ٨ mai kifewa. In ka ƙirga ka samu 9 ko 10, kafin ka ce lamba ba ta cika ba ka nemi ɗigon da ka tsallake, tun daga na farkon.

Sunan da garin kuma in ba ka iya ajami sosai ba kar ka yi ƙarfin hali, ka kai wa malami ko wani almajiri babba ya karanta maka a bayyane kana rubutawa da boko.

9. Yaya zan bambance sunan mutum da sunan garin da za a kai kayan?

Wannan ita ce ta fi kayar da sababbi. Mu Hausawa muna ɗaukar sunan gari mu liƙa a namu, to in ka ga Sani Gumel ko Hauwa Kazaure ba yana nufin can za a kai ba, mutumin yana iya shekara ashirin a Wudil. Ƙa'idar da za ka riƙe: garin da ya biyo bayan suna a layi ɗaya, ba waƙafi ba tazara, ka bar shi a gurbin suna har sai ka ga babu wani garin a ko'ina. Garin da ya zo bayan kwatance, ko a layinsa shi kaɗai, ko aka ja masa layi a ƙasa, shi ne wurin zuwa.

Laƙabi da sana'a kuma ka bar su tare da suna, Malam, Alhaji, Tela, Mai Shayi, Sarkin Pawa, domin a ƙauye ɗaya za ka samu Musa biyar amma Musa mai faci ɗaya ne. In ka ga "ta hannun" ko `c/o`, wanda ya biyo baya shi za a damƙa wa, mai kayan daban, kuma sau da yawa lambar da ke jiki ta wannan na hannun ce. "Daga" kuma mai aikowa ne, lambar da ke ƙarƙashinsa kar ta shiga gurbin mai karɓa.

10. Gajerun sunaye irin su D/Kudu da T/Wada fa?

Ka warware su a lis, amma sai ka tabbata. K/Hausa Kafin Hausa ne, M/Madori Malam Madori, D/Tofa Dawakin Tofa, waɗannan ba gardama. Matsalar tana wurin B/Kudu da D/Kudu, domin B da D a rubutun maka ɗan ciki ɗaya ne ya raba su, alhali Dawakin Kudu tana nan kusa da birnin Kano, Birnin Kudu kuma tana Jigawa can gaba da Wudil sosai. Haka Garki ta Jigawa da Garko ta Kano, haka Rano, Rogo da Roni, biyun farko Kano, ta ukun Jigawa. Tudun Wada kuwa akwai ƙaramar hukuma a kudancin Kano, akwai unguwa a cikin birni, kuma garuruwa da dama suna da tasu, kamar yadda Sabon Gari da Unguwar Gabas suke ko'ina.

Shi ya sa gurbin ƙaramar hukuma yake da amfani, Kano tana da 44, Jigawa 27, in ka samu wannan ɗin rabin ruɗanin ya tafi. In ba a rubuta ba kuma sunan irin mai yawa ne, ka bar gurbin fanko ka tambaya a kiran da aka yi bayani a tambaya ta 6. Sannan ka tsayar da rubutu ɗaya ga kowane gari, in Hadejia ka zaɓa to kullum Hadejia, kar yau Haɗeja gobe Hadeja, in ba haka ba wurin jerawa waya za ta ɗauke su garuruwa uku.

11. Za a iya nuna min misali guda daga farko har ƙarshe?

A ce kwali ya sauka, sunayen na misali ne kuma na rufe ƙarshen lambobin. Layin farko: Zuwa ga Mal. Idi Tela Ringim. Na biyu: ta hannun Ado mai shayi bakin tasha. Na uku: wani harafi mai kama da B ko D, sannan /Kudu. Na huɗu lamba, farkonta kamar 0876, sai 41 da wani alƙalami mai kama da 4 ko 9, sai 2xxx. A ƙasa: daga ɗanka Sule, 0902 xxx xxxx.

Ka sa masa lambar saƙo, a ce 14, ka ɗau hoto. Lamba tukuna: 087 babu ita, to 0816 ne, ka kuma gane cewa mutumin nan 1 ɗinsa mai doguwar hula ce. Ƙirga ta ba da 11. Saura na bakwai. Ka dubi 9 ɗin da ke cikin 0902 na Sule, wadda ba shakka a kanta tunda 040 ba ta cikin farkon lambobi, ka ga kanta a rufe yake zagaye, ka dubi 4 ɗin da ke cikin 41 ka ga samanta a buɗe. Wanda ake gardama a kansa samansa a buɗe yake, to ya fi kusa da 4, amma tunda salatif ya bi ta kai sai ka rubuta 0816 41? 2xxx, a shakku ka sa "na bakwai 4, ko 9".

Suna: Malam Idi Tela Ringim, dukkansa a gurbin suna, tunda ga wani garin a layinsa daban. Ta hannun: Ado mai shayi. Kwatance: bakin tasha. Gari da ƙaramar hukuma ka bar su fanko, a shakku ka ƙara "B/Kudu ko D/Kudu". Sule da lambarsa su tafi gurbin mai aikowa. Sai kira: ka gwada da 4, aka ɗauka, ka tambaya da wa kake magana ya ce Ado ne, ka ce wane gari yake ya ce Birnin Kudu, kuma Malam Idi ya gaya masa kaya na tafe. Yanzu ne za ka cike gari da ƙaramar hukuma, ka maye alamar tambayar da 4, ka rubuta "an tabbatar ta waya". Da ba a ɗauka ba, kira na gaba na Sule ne, kuma kwalin ba zai hau mota ba sai an ji daga ɗayansu.

12. Wa zai duba aikin, kuma me zan yi da hotunan daga baya?

In kuna biyu, wanda ya kwafa ya riƙe lis yana karanta lamba a bayyane, ɗayan yana kallon jikin kayan, ba akasin haka ba, domin wanda ya kwafa idonsa abin da ya riga ya rubuta zai sake gani. In kai kaɗai ne, ka karanta lambar daga ƙarshe zuwa farko a zagaye na biyu, a nan ake kama alƙaluman da suka yi musanyen wuri irin 62 da 26, wanda ƙirgar tambaya ta 7 ba za ta taɓa kamawa ba.

Kowane direba ka ba shi layukan hanyarsa kawai, ba dukkan lis ba. Hoton kaya mai ɗauke da suna da lamba kar ka watsa shi a zaurukan WhatsApp da sunan cigiya, in dole ne ka rufe lambar ka bar suna da gari, saboda masu damfara da irin wannan suke kiran mutane su ce a turo kuɗin mota. Hotunan ka riƙe su har mai kaya ya tabbatar ya karɓa, ka ƙara ɗan lokaci ko gardama za ta taso, sannan ka goge.